SPSS ya ba ni .000, amma Malam ya ce bambancin ba shi da girma

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan'adam, ina bincike kan fargabar jarrabawa. Ɗalibai 3,200 suka cike takardar tambayoyina, mata 1,600, maza 1,600. Matsakaicin makin mata 41.5, na maza 40.0, Std. Deviation kusan 10 a kowane ɓangare, Sig. (2-tailed) kuma .000. Na rubuta cewa mata sun fi maza fargaba nesa ba kusa ba, sai Malam ya ja wa jimlar layi da jan biro. Ina kuskurena yake?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Malam yana da gaskiya, kuma gara da ya kama shi yanzu da a ce sai ranar kare aiki, gaban mai jarrabawa na waje.

Mu fara da .000 ɗin nan da SPSS, manhajar lissafin bincike, ta ba ki a gurbin Sig., wato lambar da ake kira p. Ba sifili ba ne, manhajar ce ta yanke lambar a gurbi uku, don haka p < .001 ake rubutawa. Abin da p ke faɗa kuma ɗan kaɗan ne: da a ce babu wani bambanci ko kaɗan tsakanin maza da mata, da wuya ƙwarai a ɗebo mutum 3,200 a tarar da rata irin taki ko wadda ta fi ta. Iyakarsa ke nan. Bai ce komai game da girman ratar ba.

Ga yadda za ki auna girman da kanki, ko da na'urar lissafin wayarki. Ki cire 40.0 daga 41.5, ki raba da 10, wato Std. Deviation ɗinki, ma'aunin yadda makin ya bazu:

```
d = (41.5 - 40.0) / 10 = 0.15
t = d × √(n / 2)
```

Wannan d ɗin shi ne ma'aunin girman tasiri na Jacob Cohen. A littafinsa na 1988 ya kira 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba, kin ga naki bai ma kai ƙaramin ba. In kina son ki ji shi a jiki, ki ɗauka an rufe ido an zaɓo mace ɗaya da namiji ɗaya daga cikin ɗaliban nan. A zaɓe ɗari, kusan sau 54 ne macen za ta fi fargaba, sau 46 namijin ne zai fi. Da babu bambanci sam, da hamsin-hamsin za a samu. To ina "nesa ba kusa ba" a nan?

Layi na biyu na lissafin shi ke tona asirin .000 ɗinki, t ita ce lambar da ake fitar da p daga gare ta, n kuma yawan mutane ne a kowane ɓangare. Da 1,600, t ya kai kusan 4.2, p ya faɗi ƙasa warwas. Yanzu ki bar ratar yadda take, maki ɗaya da rabi, amma ki ce mutum 50 kika samu a kowane ɓangare. Sai t ya dawo 0.75, p kusan 0.46, da kuma kin rubuta cewa ba ki ga bambanci ba. Halin ɗaliban bai canja ba, yawan takardun da kika raba ne ya canja. Kamar buhun gero biyu ne a Dawanau: sikeli mai kaifi zai nuna maki cewa buhu ɗaya ya fi ɗayan da rabin gwangwani, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai babu ɗan kasuwar da zai ƙara kuɗin buhu saboda haka.

Misalin da nake yawan ba ɗalibaina shi ne binciken da Kramer da Guillory da Hancock suka wallafa a mujallar PNAS a 2014. An yi gwaji na mako guda a watan Janairun 2012 kan masu amfani da Facebook 689,003: wasu an rage masu saƙonnin farin ciki da suke gani, wasu an rage masu na ɓacin rai, aka duba ko kalmomin da su kansu ke rubutawa za su sauya. Sun sauya, p ya yi ƙasa sosai, jaridu suka ɗauka. Amma waɗanda aka rage wa saƙonnin farin ciki, kalmominsu na farin ciki sun ragu ne da kusan ɗaya cikin dubu, d = 0.02, wani sakamakon ma d = 0.001 ne. Da mutum kusan dubu ɗari bakwai, ko ƙurar da ke kan sikeli sai ta fito.

Ni kuwa ta ɗaya gefen na faɗa ramin, kuma nawa ya fi naki muni. A aikina na digiri na biyu na gwada wata dabarar rage fargaba da ɗalibai 20, na kwatanta su da wasu 20. Na samu p = .04, d = 0.66, na yi ta murna har na fara tunanin rubuta littafi. Bayan shekara biyu muka maimaita da ɗalibai masu yawa, tasirin ya tsuke har da ƙyar ake ganinsa. Daga baya na gane dalili. In mutum 20 ne a kowane ɓangare, sai d ya kai kusan 0.64 kafin p ya sauka ƙasa da 0.05, ƙa'idar da aka saba bi kafin a ce an ga bambanci. Ke nan in ainihin tasirin 0.2 ne, ba za ki taɓa tsallake ƙa'idar ba sai ranar da sa'a ta kumbura maki shi ninki uku, kuma irin wannan sakamakon ne mujallu suka fi karɓa. Alamar tana gabana tun farko ban duba ba: tazarar amincewa ta kashi 95 ta d ɗina, iyakokin da ake sa ran ainihin tasirin yana cikinsu, ta tashi daga kusan 0.02 zuwa 1.3, wato daga babu komai har zuwa abin mamaki. Don a samu damar kashi 80 ta kama d = 0.2, ana buƙatar kusan mutum 394 a kowane ɓangare, manhajar G*Power ta kyauta za ta nuna wa mutum haka tun kafin ya buga takarda ko ɗaya.

Ba ni kaɗai abin ya sama ba. A 2015 ƙungiyar Open Science Collaboration ta wallafa sakamakon maimaita bincike 100 na fanninmu a mujallar Science. Kashi 97 na ayyukan asali sun tsallake 0.05, amma kashi 36 kawai na maimaicin suka tsallake, girman tasirin kuma ya dawo kusan rabi.

Naki aikin yana da abin da nawa ya rasa. Saboda yawan mutanenki, tazarar amincewarki matsattsiya ce, daga kusan 0.08 zuwa 0.22. Kin san girman abin da kyau, kuma ƙarami ne. Wannan sakamako ne na gaske, kada ki ji kunyarsa. Yana gaya wa malaman ba da shawara a makarantu cewa ware mata kawai don shirin rage fargaba zai bar maza masu ɗimbin yawa da ke cikin hali ɗaya. Sai dai ki kula da abu biyu. Matakan Cohen ba aya ba ne, shi kansa ya ce a yi amfani da su ne in babu abin kwatance mafi kyau, don haka ki duba d nawa masu bincike kan fargabar jarrabawa suka saba samu. Sannan rata ƙarama irin wannan tana iya fitowa daga yadda maza ke jin nauyin amsa cewa suna tsoro, kuma yawan mutane ba ya gyara wannan, ƙara fito da shi yake yi.

Ki goge waccan jimlar, ki rubuta cewa makin mata ya ɗara na maza da 1.5, ki sa t da p < .001, sannan d = 0.15 da tazararsa, ki ce bambancin ƙarami ne. In SPSS ɗinki na 27 ne ko sama, ki danna akwatin Estimate effect sizes a tagar gwajin t, zai fitar maki da d da tazarar tare. In tsoho ne, lissafin hannun nan ya wadatar tunda Std. Deviation ɗin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne.