Zan rufe shago a Landan, nawa zan ba yarona kuɗin sallama?

"Salam malam. Ina da shagon kayan abinci a Landan, zan rufe saboda haya ta yi min yawa. Akwai yarona da ya yi shekara 10 da wata 7 tare da ni, shekarunsa 45, ina biyansa fam 800 a sati. Nawa doka ta ce in ba shi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka rufe, don hakkin mutum ne.

A Birtaniya duk ma'aikacin da ya cika shekara 2 a jere yana da kuɗin sallama idan aikinsa ya tashi, kuma da sati ake lissafi ba da wata ba. Kowace cikakkiyar shekara da ya yi yana ƙasa da 22 rabin albashin sati ne, daga 22 zuwa 40 sati ɗaya, daga 41 zuwa sama sati ɗaya da rabi, kuma ba a ƙirga fiye da shekara 20.

To wata bakwai ɗin nan cire su, cikakkun shekaru kawai ake ɗauka, kuma daga ranar da aiki zai ƙare ake ƙirgowa baya. Shekaru 4 na ƙarshe ya yi su ne bayan ya kai 41, wato sati 6 kenan, sauran 6 ɗin kuma sati ɗai-ɗai, wani 6. Jimla sati 12.

Inda mutane ke kuskure shi ne su ninka da albashin gaba ɗaya, alhali gwamnati ta sa iyaka a kan albashin satin da za a yi lissafi da shi, a shekarar da ta fara daga 6 ga Afrilu 2025 fam 719 ne a Ingila, ko da mutum dubu biyu yake ɗauka. Don haka 719 sau 12, fam 8,628 kenan, ba 9,600 ba. Amma fa duk Afrilu ake canza wannan adadi, ka shiga gov.uk ka duba na ranar da za ka sallame shi. In kuma da hali ka cika masa 9,600 ɗin babu mai hana ka, ni ma zan so hakan ga wanda ya riƙe maka amana shekara goma, kuma ba a cire haraji a kuɗin sallama har zuwa fam 30,000.

Abin da ya fi damuna shi ne notis, shi daban ne kuma iyakar nan ba ta taɓa shi. Wanda ya yi shekara 10 notis ɗin sati 10 ake ba shi kafin a sallame shi, in ka kulle shago ba ka ba shi ba to fam 8,000 ne a wuyanka, ga kuɗin hutun da bai ci ba. Ka ba shi takardar notis tun yanzu da shago ke kawo ciniki, ka kuma rubuta masa yadda ka yi lissafin, doka ce ta ce a ba shi a rubuce.