Ambaton wanda ya haɗa ku a farkon wasiƙa

"Zan rubuta wa shugabar wani kamfani wasiƙar neman aiki, tsohon malamina ne ya ba ni adireshinta. Yaya zan sako sunansa ba tare da ya zama tinƙaho ba?"

Ɗan'uwa, fara komawa wajen malamin ka nemi izininsa. Mai yiwuwa Hajiyar ta kira shi kafin ta amsa maka. Idan ya ce bai san da zancen ba, wasiƙarka ta mutu.

Da ka samu izini, sa sunansa sau ɗaya bayan gaisuwa, haɗe da dalili: "Malam Wane, wanda ya duba aikina na kammala digiri, shi ya ba ni shawarar in tuntuɓe ki kan gurbin akanta." Daga nan ka shiga bayanin abin da ka iya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ƙarin gishiri. "Ya ba ni adireshinki" daban, "ya tsaya mini" daban, rubuta wanda ya faru. Kada ka jero muƙamansa, kada ka ce "ya ce za ki taimake ni", wannan ɗaure ta ne da kunya. Ni nakan tura wa wanda zan ambata jumlar ya gani tukuna.

In gurbin na jarrabawa da tantancewa ne, tambayi jami'in ɗaukar ma'aikata ko ambaton suna ya halatta.