Na ja kwanan wata a Excel, sai ga wata na goma sha uku

Tambaya: Malam, ni ce ke riƙe da lissafin susun ƙungiyarmu ta mata a Aboabo, Kumasi. Ran 5 ga kowane wata muke zubi, wata goma sha takwas. Na rubuta 05/01/2025 da 05/02/2025, na ja ƙasa, komai lafiya lau har 05/12/2025, sai na ga 05/13/2025. Mai gyara ya ce bairos ne, in kawo sidi 150 ya wanke kwamfutar. Kuɗin mutane ne, hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki, babu wani bairos. Amma ki sani ba layi na goma sha uku ne kaɗai ya lalace ba, cikin sha biyun da suka yi miki kyau a ido, sha ɗaya su ma ba daidai suke ba, 05/05/2025 ne kaɗai ya dace.

Kwamfutarki tana kan tsarin Amurka, inda ake fara rubuta wata kafin rana. Haka ake samu a kwamfutocin hannu da yawa da ake shigowa da su. Da kika rubuta 05/01/2025 kina nufin 5 ga Janairu, ita ta karanta 1 ga Mayu, na biyun kuma 2 ga Mayu. Sai ta ga tazarar kwana ɗaya ce, ta ci gaba da ƙirga kwanakin Mayu har ta kai 13 ga wata. Abin da kika ba ta shi ta bi.

Wannan shi ne abin da na gaji da faɗa wa ɗalibaina: ɗan murabba'in nan da ake kamawa a ja a kusurwar gida, wato akwatin da ake rubutu a ciki, bai san nufinki ba, kuma bai damu da abin da idonki ke gani ba. A wurin Excel kwanan wata lamba ce kawai da aka sa wa riga. 5 ga Janairu 2025 ita ce 45662, 1 ga Mayu kuma 45778. Mutane sai su leƙa layi uku na farko, su ce ai ya yi, su rufe. Da zubinku na wata goma sha biyu ne cif, da ba za ki taɓa ganin kuskuren ba sai ranar da kika nemi lissafin watan Maris Excel ta ce babu wadda ta biya, alhali mata suna tsaye da shaidar zubinsu. Ranar nan wa zai yarda laifin na'ura ne? Shi kuwa mai wanke kwamfuta, in ya gama ya bar ta a tsarin Amurka, matsalar tana nan daram, ga kuɗi sun tafi, wataƙila har da fayilolinki. Duk abin da suka kasa ganewa sunansa bairos.

Ki gwada da kanki. In ranakun farko biyu suna A2 da A3, a wani gida da babu komai ki rubuta:

```
=A3-A2
```

In ta ba ki 31, Janairu zuwa Fabrairu ne. Ke 1 za ki gani. Akwai wata alamar kuma: a irin wannan kwamfuta in kika rubuta 13/01/2025, zai jingina hagu a gidan domin ya zama rubutu zalla, in kika ja shi shekarar ce za ta riƙa hawa, 2026, 2027.

Gyaran ba shi da wuya. Ki shiga Control Panel, ki buɗe Region, a wurin Format ki zaɓi English (United Kingdom). Wannan ba zai gyara tsofaffin ba, zai dai tona asirinsu, ki gan su 01/05/2025, 02/05/2025. Ki share su. Ki rubuta 05/01/2025 a A2 kaɗai, ki kama ɗan murabba'in da maɓallin dama na linzami, ki ja zuwa A19, in kin saki ki zaɓi Fill Months. Na ƙarshe ya zama 5 ga Yuni 2026. Sannan ki haska layin duka, ki danna Ctrl+1, a Custom ki sa `dd-mmm-yyyy` domin sunan watan ya fito da haruffa. Ni ba na karɓar takardar kuɗi daga ɗalibi sai da haka.

Lambar rasit ma ki kula: in kika rubuta 1 kaɗai kika ja, 1 za ta yi ta maimaitawa, sai kin sa 1 da 2 kin haska su tare. In kuma kina son sunayen masu ɗauka su riƙa jeruwa bi da bi, ki shigar da su a File, Options, Advanced, Edit Custom Lists. Jerin yana zama a kwamfutarki ne, in kika je ta sakatariya sai kin sake shigar da shi.

Kafin taron wata mai zuwa, ki ɗauko littafinku na takarda, ki gwada kowane layi da ranar da aka rubuta a ciki.