Mai gida ya ba ni notis, zai iya fitar min da kaya?

Tambaya: Salam barista. Ina haya a Kubwa shekara ta huɗu kenan, biyan shekara nake yi, daga 1 ga Janairu. Ran 1 ga Oktoba wakilin mai gida ya kawo min takarda wai in tashi nan da wata uku ko su watso min kaya waje. Don Allah suna da wannan ikon?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba su da shi. Notis aikinta kawai ta kawo ƙarshen haya, amma fitar da mutum sai alƙali ya yi hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke zuwa da waranti su zartar, mai gida ko wakilinsa ba su da hurumin taɓa ko tabarmarka. In ya canza kwaɗo ko ya kware rufi to shi ya taka doka, ka ɗauki hoto, kana iya maka shi kotu neman diyya.

Fara ɗauko yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, don in an rubuta wa'adi a ciki shi kotu za ta bi. In babu, dokar Abuja ta ba mai biyan sati sati ɗaya, mai biyan wata wata ɗaya, kai mai biyan shekara kuma wata shida cur. Kuma lissafin ya ƙare daidai ƙarshen shekarar hayarka, wato da so yake ka tashi ran 31 ga Disamba ya kamata takardar ta shigo hannunka kafin Yuni ya ƙare, ka ga ta Oktoba ta gaza da wata uku. Sai dai fa in yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce tak mai ranar ƙarewa, wannan ba ta buƙatar notis ɗin wata shida sam.

Duba takardar da kyau, ya zama akwai sunanka, adireshin gidan har da lambar fulat, irin hayar, ranar da aka rubuta, ranar da ake so ka miƙa makulli, da sa hannu. In wakili ne ya sa hannu ka nemi ya nuna maka izinin mai gida a rubuce.

Ko notis ɗin ta cika ma akwai ta biyu, ta kwana 7, wadda zai sanar da kai cewa zai je kotu karɓar gidansa, sannan sammaci ya biyo.

Amma kar ka miƙe ƙafa a kan kuskuren takarda, gyarawa zai yi ya sake kawowa, kuma duk watan da ka ƙara bayan hayar ta ƙare sai ka biya kuɗinsa. Ka ajiye rasit ɗinka, ka rubuta ranar da aka ba ka takardar a bayanta, in sammaci ya zo kuma ka je, don rashin zuwa ke sa a yanke hukunci a bayan idonka.