Kwaɗon Basho da abin da bai faɗa ba

*Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Na karanta wannan haikun na Japan da ake ta yabo, na kwaɗon da ya faɗa kududdufi. Layi uku ne kawai, na gama ban ga komai ba. Ni ne ban gane ba, ko dama babu komai a ciki?"*

Wa alaikumus salam, Malam. Nima haka na yi da farko, sai da na shekara ina ganin zuzutawa ce kawai. Ranar da na ajiye fassara na zauna da lafazin Japananci kalma bayan kalma, ranar na gane cewa fassarar da na karanta ta zubar da abubuwa biyu da waƙar ta tsaya a kansu. Ga yadda mawaƙin Japan Matsuo Basho ya tsara ta a 1686:

furuike ya
kawazu tobikomu
mizu no oto

Furuike tsohon kududdufi ne, kawazu kwaɗo, tobikomu tsalle a faɗa ciki, mizu no oto kuma ƙarar ruwa. In ka ƙirga sautukan kowane layi za ka samu 5, 7, 5, wato tsarin wannan gajeriyar waƙa da ake kira haiku. Ka lura akwai kalma ɗaya da ban fassara ba, wato "ya", kuma ita ce ta farko a cikin biyun da suka zube.

Wannan "ya" ita ake kira kireji, kalmar yanka. Ba ta da ma'anar da za ka nuna da yatsa. Aikinta ta tsayar da kai, kamar mai magana ya ce "Kai, tsohon kududdufi!" ya ja numfashi. Da Basho ya so ya ce kwaɗo ya faɗa cikin kududdufin, akwai ƙaramar kalma "ni" da za ta yi masa wannan aiki, kuma ƙirgen sautin ba zai canza ba. Da "furuike ni" waƙar ta zama jimla ɗaya, labari: kwaɗo ya faɗa ruwa, an ji ƙara. Wannan labarin ne ka karanta, shi ya sa ba ka ga komai ba, domin gaskiya babu komai a cikinsa. Da "ya" kuwa an raba waƙar gida biyu. Kududdufi yana gefe guda, a kwance, babu aikatau ko ɗaya tare da shi. A ɗaya gefen akwai motsi da ƙara na ƙiftawar ido. Mawaƙin bai ɗaure su da igiya ba, kai ne za ka haɗa. Har akwai wani manazarci ɗan Japan, Hasegawa Kai, da ya tafi a kan cewa Basho ƙarar kawai ya ji, sai kududdufin ya bayyana a zuciyarsa. Ni ban bi shi har can ba, amma nahawun waƙar bai hana wannan karatu ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfin yankan.

Saboda haka in ka ɗauki kowane haiku, fara da neman inda aka yanka. A asali ka nemi "ya", ko "kana" da ta fi zuwa a ƙarshe kamar ajiyar zuciya, ko "keri" mai nuna cewa yanzu mutum ya farga da abu. A fassara sai dai ka nemi alamar rubutu a ƙarshen layi, wani lokacin ma mai fassara ya share ta gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne kigo, kalmar da ke nuna lokacin shekara. A nan ne mu Hausawa muka fi zamewa, kuma ba laifinmu ba ne. Da mun ji kwaɗo sai damina ta zo mana: kududdufin bayan gari ya cika, kwaɗi sun hana barci. A al'adar waƙar Japan kuwa kawazu na lokacin da suke kira haru ne, sa'ad da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho. Ana yawan fassara haru da bazara, ni kuma ba na so, don bazararmu zafi ce mai gasa mutum, tasu kuwa farkawar ƙasa ce bayan sanyi. Suna da littattafai na musamman, saijiki, masu jera waɗannan kalmomi lokaci bayan lokaci. A ciki, in an ambaci farin wata kawai ba ƙari, na lokacin kaka ake nufi. In an ce fure kawai, furen itacen da suke kira sakura ne.

Kigo bai tsaya ga kalanda ba, yana ɗauke da kayan da mawaƙan baya suka ɗora masa. Tun gabatarwar kundin waƙoƙin Japan mai suna Kokinshu na wajen shekarar 905 ake ambaton kwaɗo saboda muryarsa, a matsayin mawaƙi irin tsuntsu. Ɗaruruwan shekaru kwaɗon waƙa yana rera kuka a rafi mai tsabta, galibi kusa da wani fure rawaya da ake kira yamabuki. Wani almajirin Basho, Shiko, ya ruwaito cewa layuka biyu na ƙarshe ne suka fara zuwa, sai Kikaku, shi ma almajiri, ya ba da shawarar a buɗe da "yamabuki ya". Shawara ce ta gwani, daidai da abin da kowa yake jira. Basho ya ƙi, ya sa tsohon kududdufi. Ka ga ke nan mai sauraro na wancan zamani, da ya ji "kawazu", ya karkata kunne yana jiran waƙar kwaɗo a ruwa mai gudu, sai aka ba shi kwaɗo bebe da ruwa mai kwanciya. Akwai raha a ciki, irin ta mutumin da aka kira ya yi kirari ya buɗe baki ya yi atishawa. Wanda bai san abin da ake jira ba, ba zai ji an saɓa masa ba.

Sai abin da aka bari da gangan. Kusan duk wanda ya karanta waƙar nan zai ce maka tana maganar shiru, alhali babu kalmar shiru a ciki. Ƙarar kwaɗo ɗaya ba ta jiyuwa sai wuri ya yi tsit, don haka da ka ji ƙarar ka ji shirun da ya gabace ta da wanda ya biyo baya. Babu "ni", babu "na ji kaɗaici". Ko yawan kwaɗin ba a faɗa ba, domin suna a Japananci ba ya nuna tilo ko jam'i. Lafcadio Hearn ya fassara shi da kwaɗi da yawa, kuma bai karya nahawu ba. Gwada karanta ta haka ka gani: maimakon ƙara ɗaya cikin tsit, sai ka samu yini guda ana faɗawa jefi-jefi, sai ta zama wata waƙar dabam. Mun san irin wannan a karin magana, inda dattijo zai ce "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta" ya yi shiru. Bambancin shi ne rabin karin magana sananne ne, kowa zai cike shi iri ɗaya, na haiku kuwa a buɗe yake.

Na taɓa ƙoƙarin mayar da ita Hausa, hannuna ya yi ta jan ni in rufe da "tsundum!" Harshenmu ya iya wannan ƙwarai, Japananci ma yana da irin waɗannan kalmomin kwaikwayon sauti da yawa. Basho bai taɓa su ba, ya ce "ƙarar ruwa" kawai. Da na sa tsundum ɗin na zaɓa wa mai karatu girman kwaɗon da zurfin ruwan, shi ya sa na goge. Ga inda na tsaya, ban kuma damu da ƙirgen 5, 7, 5 ba:

Tsohon kududdufi kuwa...
kwaɗo ya yi tsalle ciki,
ƙarar ruwa.

"Kuwa" ɗin nan ita ce mafi kusa da "ya" da na iya samu, kuma har yau ba ta gamsar da ni ba, don tana sa rai cewa bayani na tafe, ita kuwa "ya" ba ta yin wannan alkawari. Ka karanta da baki, Malam, ka tsaya bayan layin farko tsawon numfashi ɗaya cikakke kafin ka saki kwaɗon. In ka sami kalmar da ta fi "kuwa", ka turo mana.