Me ya sa ruwan teku ke ƙara ƙishirwa?

Tambaya: Idan na barbaɗa gishiri a yankakken kabeji sai ya fitar da ruwa ya yi yaushi. Shin abin da ruwan teku ke yi wa jikin mutum ke nan? Kuma yaya na'urar tace ruwa ta RO ke cire gishirin?

Amsa: Haka ne, dalilinsu ɗaya. Kowace ƙwayar halitta tana da siririn tantani da ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, amma gishiri ba ya samun hanya haka. Idan gishiri ya fi yawa a gefe ɗaya na tantanin, ruwa kan kwarara zuwa can. Wannan shi ake kira osmosis. Gishirin da ka barbaɗa ya narke a bayan ganyen, sai ruwan cikin ƙwayoyin ya fito wajensa, ganyen kuwa da ma ruwan nan ne ke riƙe da shi a miƙe.

A jikin mutum, ƙoda ce ke shan wahalar. Litar ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35, ta jini kuwa kusan giram 9. Ƙoda ba ta iya cusa fiye da kamar giram 20 na gishiri a litar fitsari. Ka ga wanda ya sha lita ɗaya sai ya fitar da fiye da lita ɗaya da rabi kafin gishirin ya fita, ragowar kuma daga jikinsa za a ɗebo. Kafin nan gishirin jini ya hau, yana janye ruwa daga ƙwayoyin jiki, har da na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ruɗewa ke biyo baya.

Na'urar RO, wato reverse osmosis, juya wannan kwarara ta osmosis take yi da ƙarfin tsiya. Famfo ke danna ruwan gishirin a jikin tantani na roba har matsin ya rinjayi jan da gishirin ke yi, sai ruwa ya ratsa, gishirin ya bi wani bututu ya fita. Jan ruwan teku ya kai kusan bar 27 a ma'aunin matsi, don haka manyan matatu ke aiki da bar 55 zuwa 80. Tayar mota bar 2 da ɗoriya ce kawai. Ko da hakan, kusan rabin ruwan kaɗai ake samu na sha. Ƙaramar na'urar gida, mai aiki da bar 3 zuwa 6, ba za ta taɓa tace ruwan teku ba.

Ɗaya daga manyan abubuwan da ke kashe tantanin shi ne kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa ruwan sha, shi ya sa ake sa matacin gawayi a gaban tantanin. Ɗanɗano ba ya nuna lalacewar da wuri, sai an auna da mitar TDS, mai nuna yawan gishiri da sauran abubuwan da suka narke a ruwa. Idan ruwan da ke shiga ya nuna 400, wanda ke fita 20, tantanin na tare kashi 95 cikin 100. Ranar da mai fita ya kai 80, abin da tantanin ke tarewa ya sauko zuwa kashi 80, lokacin sauya shi ya yi.