Maigida ya ce gidan nawa ne, amma da baki: mene ne matsayina?

Tambaya: Barista, shekaruna 30, maigidana yana da 63, ya yi ritaya daga aikin gwamnati shekara uku da suka wuce. Ni malamar makaranta ce a Kano, kuma ni ce amarya. Uwargida tana nata gidan na haya, tana da 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, babban ma ya girme ni. Ni 'yata ɗaya, shekararta biyar. Gidan da muke zaune nasa ne, kuma ya sha ce min “gidan nan naki ne ke da yarinyar nan”. Na tara naira miliyan huɗu daga albashi da adashe, ina so in fitar da shaguna biyu a jikin gidan. Duk lokacin da na ce a rubuta, sai ransa ya ɓaci, ya ce ina yi masa fatan mutuwa. Ya kuma ce ai sunana ya sa a takardar fanshonsa. In zuba kuɗin ko in dakata?

Amsa: Malama, ki dakata tukuna. Kada ki sayi ko bulo ɗaya sai an gyara maganar takarda, kuma zan gaya miki dalili.

Abin da ke tsakaninku ba rashin ƙauna ba ne, yadda na karanta wasiƙarki. Mutumin da ya gama aiki, ya aurar da 'ya'ya, abin da yake nema shi ne kwanciyar hankali: ya dawo daga masallaci, ya saurari rediyonsa, kada a tayar masa da maganar da za ta haɗa shi da manyan 'ya'yansa. Ke kuwa kina lissafin kuɗin makarantar yarinyar da sai nan da shekara goma sha uku za ta gama sakandare. Kowa da gaskiyarsa. Rai a hannun Allah yake, yaro kan riga babba, amma dole mu duba abin da shari'a za ta ce idan shi ya riga ki, domin nan ne haɗarin yake.

Tun da ku Musulmi ne kuma aurenku na Musulunci ne, kotun shari'ar Musulunci ce za ta raba gadonsa, bisa mazhabar Malikiyya. Maganar “gidan nan naki ne” ɗayan biyu ce a idon alƙali. Idan yana nufin bayan ransa, wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai idan sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Ke da 'yarki duk magada ne. Idan kuma yana nufin ya ba ki tun yanzu, kyauta ce, ita kuwa kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye, yana da lafiya, bashi bai cinye dukiyarsa ba.

Za ki ce ai kina cikin gidan, wace karɓa ce ta wuce wannan? Nan ne mata da yawa suke faɗawa rami. A Malikiyya, idan mace ta yi wa mijinta kyautar gidan da suke zaune, zamansu tare ba ya ɓata kyautar. Amma idan miji ne ya bai wa matarsa gidan da suke ciki, kuma ya ci gaba da zama har ya rasu, ba a ɗaukar cewa ta karɓa. Dalilin shi ne ba ki muhalli wajibinsa ne, don haka zamanki a ciki zaman aure ne, gidan bai taɓa fita daga hannunsa ba. Wannan hukunci yana nan a Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalanmu suke komawa gare shi. Kafin kyautar ta tsaya da ƙafarta sai ya kwashe kayansa ya fita, shaidu su gani, gidan ya ɗauki kamar shekara a hannunki kafin ya dawo. Kin san dattijon da ya haura sittin ba zai yi wannan ba, ban ma ce ki nema ba.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah, kwana kaɗan da fitarta takaba. Ta kunce bakin zane ta fito da wata takarda da aka yago daga littafin makaranta, ta yi laushi saboda ninki, da rubutun marigayi da sa hannunsa cewa ya ba ta gida. Rubutunsa ne, babu wanda ya musa. Amma a ɗakinsa na cikin gidan ya cika, kuma abin da lauyan 'ya'yan ya tsaya a kai ke nan. Har yau ina jin nauyin bayanin da na yi mata ranar.

Bari mu yi lissafi da gidanku. A ƙaddara gidan, bayan an gina shagunan, ya kai miliyan 24, shi kaɗai ya bari, babu bashi, iyayensa kuma sun rasu. Tun da yana da 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3, kuma ke da uwargida za ku raba, kowa miliyan ɗaya da rabi. Sauran miliyan 21 na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Maza biyu da mata uku sun ba da kaso bakwai, kowane kaso miliyan 3. 'Yarki ta samu 3, ke ɗaya da rabi, jimla huɗu da rabi, alhali kin zuba huɗu daga guminki. Gidan kuma ba zai yanku bakwai ba, sayarwa za a yi, ko mai ƙarfi cikin magada ya biya sauran. Abin da kike da shi tabbas shi ne zama a cikinsa har ki gama takabar wata huɗu da kwana goma, tun da mallakarsa ne.

Yanzu a ce miliyan huɗun nan an rubuta su a matsayin bashi. Bashi ana fitar da shi kafin gado. Za a cire miki 4, a raba 20: ki samu miliyan ɗaya da dubu 250, 'yarki biyu da rabi. Jimla miliyan bakwai da dubu 750. Takarda guda ce ta kawo bambancin sama da miliyan uku. Idan babu ita, ke ce mai da'awa, hujja a kanki take, kuma mai neman bashi a kan mamaci, bayan ya kawo shaidu, sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba. Magada za su ce taimakon miji kika yi, kyauta ce. Magini da mai sayar da siminti za su iya shaidar sun ga kuɗi a hannunki, ba za su iya shaidar abin da kuka ƙulla a ɗaki ba.

Abin da na fi so miki ya wuce bashi, domin bashin miliyan huɗu miliyan huɗu zai zauna komai faɗuwar naira. Ciniki ya fi. Ya sayar miki da gefen filin da za a fitar da shagunan a kan farashin da ya yi daidai da kasuwar unguwar, ki biya ta banki daga asusunki zuwa nasa, ki yi gini da abin da ya rage ko da shago ɗaya ne a fara. Ciniki ba ya buƙatar hauzi kamar kyauta, da an ƙulla ya zama naki. Sai dai ya zama cinikin gaske. Idan aka rubuta an sayar alhali ko kwabo bai motsa ba, magada suna da damar cewa dabara ce ta karkatar da gado, kotu kuma tana sauraron irin wannan ƙorafi. A kira mai awo ya fitar da iyaka, lauya ya rubuta yarjejeniya, maza biyu adilai su sa hannu, mai unguwa ya sani. Idan gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da haƙƙin fili ga wani, don haka a bi ta ofishin filaye a yi rajista, kada a tsaya a takardar hannu.

Idan kuma kyautar yake son yi da gaske, ya ba ki abin da ba ya zaune a ciki: fili, gona ko shago. Ki karɓa a gaban shaidu, ki kewaye, ki sa ɗan haya, rasit ya riƙa fita da sunanki. Ga 'yarki abin ya fi sauƙi, domin uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa kyautar da ya yi masa idan ya kafa shaidu, ban da gidan da yake zaune a ciki. Amma ni ba na son a fifita ɗa ɗaya a ɓoye. Hadisin Nu'uman ɗan Bashir sananne ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya yi wa ɗa ɗaya ban da sauran. Yana da hujjar da zai faɗa a fili: manyan ya yi musu karatu, ya yi musu aure, wannan ko firamare ba ta yi nisa ba. Ya tara su ya faɗa da bakinsa, babban ɗan ya sa hannu cikin shaidu. Wanda ya sa hannu yau da wuya ya tsaya gaban alƙali gobe ya ce bai sani ba.

Kuma a yi shi yanzu da yake tuƙa motarsa, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, kin ga an koma gidan jiya. Ko cinikin ma, idan aka yi shi yana kwance, ƙofar zargi a buɗe take.

Maganar fansho gajeriya ce. Sunan da ya rubuta a fom na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da ke mai kuɗin ba. Abin da ya rage gado ne na kowa. Abin da ya kamata ki tambaye shi shi ne tsarin da ya zaɓa, idan fanshonsa yana ƙarƙashin dokar fansho ta 2014. Idan kamfanin fansho ne yake biyan sa wata-wata daga asusunsa, ragowar tana zuwa ga magada. Idan kuwa ya mayar da kuɗin ga kamfanin inshora don a biya shi har ƙarshen rai, lamunin shekara goma ne daga fara biya, wanda ya rasu bayan haka babu ragowar da za a bai wa iyali. Shekara uku sun riga sun tafi.

Saura yadda za ki tunkare shi. Kada ki sake buɗe zancen da “idan ta Allah ta kasance”, kin riga kin ga inda yake kai ku. Ki ce masa, “Alhaji, kuɗina nake so in sa a shago, ina so a rubuta kamar yadda Allah ya ce a rubuta bashi.” Ayar tana cikin Baƙara, ta 282, ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma ya san ta. Idan nauyinsa ya hana ki, ki samu amininsa ko limamin unguwarku, sa'ansa da zai gaya masa ba tare da ya ji yarinya tana yi masa gori da shekaru ba. Idan duk da haka ya ƙi, dukiyarki taki ce, aure bai ba shi iko da ita ba. Ki nemi fili ko da a bayan gari ne, ki saya da sunanki, ki sanar da shi cikin ladabi, ki ajiye asalin takardun a wurin waliyyinki, hoton su kuma a wayarki.